Taken Imel: Haruffa 35 da Manaja Ke Gani Kafin Ya Buɗe Saƙo ko Ya Wuce

A ɗauka ga wani saurayi da ke tsaron shagon kayan sola da wayoyi a Shinkafi. Shagon reshe ne, uwar shagon tana Gusau, kuma a can manaja yake. Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci, ita ce ranar da ake ciniki na haƙiƙa, ga shi fitilu masu aiki da hasken rana sun kusa ƙarewa a kan kanta. Dokar kamfanin ita ce ba a fitar da kaya daga sito sai manaja ya amince a rubuce ta imel, saboda akanta yana buƙatar shaida. Ranar Lahadi da dare saurayin ya zauna ya rubuta saƙo mai kyau, ya jera abin da ya rage da abin da ake buƙata, ya maƙala hoton littafin kaya. Da ya zo gurbin da aka rubuta `Subject`, sai ya sa abin da tarbiyya ta koya masa ya fara da shi:

```
Assalamu alaikum ranka ya dade, ina fatan kana lafiya
```

Manaja bai buɗe saƙon ba sai ranar Laraba da la'asar. A lokacin motar da ke ɗaukar kaya ta bi ta Kaura Namoda tun da safe, kuma babu direban da zai kama wannan hanya da yamma saboda halin tsaro. Ranar Alhamis masu saye suka zo suka tarar babu fitila, suka tsallaka shagon gaba.

Manajan bai raina yaron ba, kuma saƙon bai ɓata ba. Abin da ya faru yana cikin yadda waya ke nuna imel.

Abin da manaja ke gani

Wanda ya buɗe manhajar Gmail a wayar Android zai ga kowane saƙo ya zo da layi uku. Na sama sunan mai aikowa ne. Na tsakiya shi ne taken saƙon, wato abin da aka rubuta a `Subject`. Na ƙasa, mai dishi-dishi, ɗan tsakure ne daga farkon jikin saƙon. Kowane layi guda ɗaya ne tak, ba ya naɗowa ƙasa. Idan rubutu ya wuce faɗin allo, manhajar ta datse shi ta sa ɗigo uku.

Yawan haruffan da ke shiga layin take ya danganta da faɗin waya da girman rubutun da mai ita ya zaɓa. A yawancin wayoyi abin bai wuce haruffa 30 zuwa 40 ba, kuma har sararin da ke tsakanin kalmomi ana lissafawa da shi. Manaja mai shekaru da ya ƙara girman rubutu don idonsa ya huta, nasa ya fi haka gajarta. In aka ɗauki 35 a matsayin tsaka-tsaki, ga abin da manajan Gusau ya gani daga saƙon yaronsa:

```
Assalamu alaikum ranka ya dade, ina...
```

Layin ƙasa kuma, da yake jikin saƙon shi ma da sallama ya fara, sai ya sake nuna masa gaisuwa. Layi biyu ke nan cikin uku sun tafi a gaisuwa, kuma babu fitila, babu kasuwa, babu rana a cikinsu.

Mutum mai aiki da yawa ba karanta akwatin saƙonsa yake yi ba, tsinta yake yi. Yana tsaye a bakin sito ko yana jiran shayi, ya zaro waya, ya ja allo da babban yatsa. A kan kowane layi tambaya biyu yake yi wa kansa ba tare da ya furta ba: me ake so in yi, kuma yaushe? Saƙon da ya amsa masa waɗannan biyun tun daga waje, shi yake fara taɓawa, ko kuwa ya sa masa lokaci a ransa. Wanda bai amsa ba sai ya shiga sahun "in na zauna zan duba". Matsalar wannan sahu ita ce sabbin saƙonni suna sauka ne a sama, suna tura tsofaffi ƙasa. Allo ɗaya saƙonni kaɗan yake ɗauka, saboda haka abin da aka aiko daren Lahadi, kafin azahar ɗin Litinin ya riga ya fita daga inda ido ke kaiwa.

Akwai dalilin da ya sa waya ba ta hana mutum yin wannan kuskure. Ƙa'idar da ta tsara fasalin imel, RFC 5322 ta shekarar 2008, wadda ta samo asali daga RFC 822 ta 1982, abu biyu kawai ta wajabta a kan kowane saƙo: ranar aikawa da adireshin mai aikawa. Take ba dole ba ne a wajen injin. Shi ya sa saƙo marar take yake isa lafiya lau, sai dai mai karɓa ya gan shi da `(no subject)`. Injin ba ruwansa. Ɗan Adam da ke ɗaya ɓangaren shi ne ke buƙatar taken.

Gyaran taken, mataki bayan mataki

Yaron Shinkafi ya ji haushin abin da ya faru, sai ya yi abin da mutane da yawa ke yi a karo na biyu. Ya rubuta:

```
URGENT!!!
```

Wannan ya fi gaisuwa jan ido, amma bai faɗi komai ba. Gaggawar mece ce? Gobara ce, ko rasit ne ya ɓata? Manaja ba zai iya auna shi da sauran ayyukan da ke gabansa ba sai ya buɗe. Ran farko zai buɗe. In ya tarar maganar ba ta kai yadda aka zuzuta ta ba, ko kuma ya lura kowane saƙon yaron da wannan kalma yake zuwa, daga nan kalmar ta mutu. Ga wata illa kuma: manyan baƙaƙe da alamar motsin rai uku-uku salon 'yan damfara ne, masu aiko da saƙon cewa za a rufe asusun banki in ba a danna wani abu yanzu-yanzu ba. Wanda ya saba ganin irinsu hannunsa ya riga ya koyi wucewa.

Gwaji na uku ya fi hankali:

```
Neman amincewa a kan kayan da suka kare a shagon Shinkafi
```

A kwamfuta wannan take ba shi da laifi sosai. A waya kuwa haruffa 35 na farko sun tsaya a nan: `Neman amincewa a kan kayan da suka...`. Manaja ya san ana neman amincewarsa, wannan ci gaba ne. Amma kalmomin `a kan`, `da`, `suka` sun cinye wurin da ya kamata a sa abu mai amfani. Jimla ce mai kyawun nahawu, alhali take bai bukatar cikakken nahawu. Ya fi kama da rubutun da ake yi a jikin buhu kafin a ɗora shi a mota: na wane ne, ina za shi, mene ne a ciki. Kuma har yanzu babu rana, saboda haka babu abin da zai hana manaja barin sa zuwa Juma'a.

Ga wanda ya yi aiki:

```
A amince kafin 14 Jan: fitila 40, Shinkafi
```

Haruffa 42 ne. Wayar da ke datsewa a 35 za ta nuna komai har zuwa `fitila 40,` sannan ta yanke sunan garin. Wannan asara ce mai sauƙi, domin layin sama ya riga ya nuna sunan mai aikowa, kuma manaja ya san inda yaronsa yake. Da gangan aka sa garin a ƙarshe. Tsarin shi ne a jera abubuwa bisa nauyinsu, ta yadda in wuƙar allo ta sauka, abin da za ta yanke ya zama wanda aka fi iya haƙura da shi.

Abu na farko shi ne aikin da ake so manaja ya yi. `A amince` ya bambanta da `A biya`, ya bambanta da `A sa hannu`, ya kuma bambanta da `Don sani`. Wannan na ƙarshe yana da amfani fiye da yadda ake zato. Yaron da ya saba rubuta `Don sani: cinikin mako, Shinkafi` a kan rahoton da ba ya buƙatar amsa, yana gaya wa manajansa cewa wannan zai iya jira. Ranar da ya rubuta `A amince kafin...`, za a yarda da shi, tunda an san ba kullum yake kururuwa ba.

Abu na biyu rana ce. An sa 14 ga wata, Talata, ba 16 ga wata da kasuwa ke ci ba. Ranar da ake rubutawa a take ita ce ranar da manaja zai yanke hukunci, ba ranar da matsalar za ta bayyana ba. Kaya sai an loda su Laraba da safe kafin su kwana a Shinkafi, saboda haka amincewar da ta zo bayan Talata ba ta da amfani. Da yaron ya rubuta "kafin Alhamis", manaja zai iya amincewa Laraba da dare yana ganin ya cika alkawari.

Abu na uku adadi ne. `fitila 40` ya ba manaja damar auna girman abin tun bai buɗe ba. Ya san kuɗin fitila guda, ya san abin da ke sito. Sau da yawa ya gama yanke shawara a ransa kafin yatsansa ya taɓa saƙon, buɗewar kawai don ya tabbatar ne ya rubuta "Na amince".

A kamfanin da ake aiki da Turanci, tsarin bai canza ba:

```
Approve by 14 Jan: 40 lamps, Shinkafi
```

To ina aka kai gaisuwar? Nan ne mutane da yawa ke jin nauyi, kuma suna da hujja. Yaro ba ya shiga wajen babba ya fara da buƙata. Amma take tamkar bayan ambulan ne, kuma ko a zamanin wasiƙar gidan waya ba a rubuta "ina gajiya, ina iyali" a bayan ambulan. Gaisuwa a ciki take. Sai dai tunda layin ƙasa yana nuno farkon jikin saƙo, ya fi kyau a taƙaita ta a haɗa da maganar:

```
Salam, ranka ya dade. Fitila 6 suka rage a shago.
Ina neman amincewarka a turo 40 a motar Laraba,
domin su iso kafin kasuwar Alhamis 16 ga Janairu.
Hoton littafin kaya yana hade.
```

Ladabin yana nan, "ranka ya daɗe" yana nan, kuma kalmar `A amince` a take ba umarni ba ce, irin lafazin da ake yi wa na gaba ne. Ba a ce "amince" kai tsaye ba.

Me ya sa ba a rubuta "yau" ko "gobe"

Wannan ya fi shafar mutanen Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan da ke kewaye fiye da wanda ke zaune a Abuja. Idan mutum ya danna aikawa a inda sabis ba shi da ƙarfi, Gmail ba ya jefar da saƙon. Yana ajiye shi a `Outbox`, da alamar `Queued`, har sai waya ta samu netwok. In an maƙala hoto mai nauyi, jiran ya fi tsawo. Mai aikawa ya mayar da waya aljihu yana ganin ya gama, alhali saƙon bai bar hannunsa ba.

A ce wani ma'aikaci a Zurmi ya rubuta `A biya yau` ranar Litinin da yamma, saƙon bai fita ba sai Talata da hantsi da ya shigo Kaura Namoda. Manaja zai gan shi a sahun saƙonnin Talata. A wajensa "yau" Talata ce. In kuma bai duba ba sai Laraba, sai ya tsaya lissafin wace yau ake nufi. `A biya kafin 13 Jan` kuwa ma'anarsa ɗaya ce ko yaushe aka karanta, kuma in ranar ta wuce, manaja zai gane nan take cewa ya makara, ya ɗauki waya ya kira.

Mutanen yankin sun ga iyakar wannan a 2021. A farkon Satumba na shekarar aka rufe layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara saboda aikin sojoji a kan 'yan bindiga. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ƙara makonni suna jira. Mai buƙatar aika saƙo sai ya yi tafiya zuwa inda netwok yake, ya tura abin da ya tara na kwanaki a zama ɗaya. Wanda ke karɓa a can sai ya ga saƙonni biyar ko shida daga mutum ɗaya, duk da lokaci kusan guda. A irin wannan hali take ne kaɗai ke nuna wanne ne na makon jiya, wanne ne ke ci yanzu.

Wajen rubuta ranar ma akwai tarko. `03/04` a Najeriya 3 ga Afrilu ne, amma wanda ya saba da tsarin Amurka zai karanta shi 4 ga Maris. Haruffa uku na sunan wata sun kashe wannan gardama.

Tsohon take a kan sabuwar magana

Kuskuren da ya fi yawa a wayoyin matasa ba ma rubuta mummunan take ba ne. Ƙin rubuta sabo ne. Mutum yana son aika wa manaja saƙo, ba ya son neman adireshi, sai ya lalubo wani tsohon saƙo ya danna `Reply`. Sai buƙatar fitila 40 ta tafi a ƙarƙashin `Re: Barka da Sallah`.

Gmail yana haɗa saƙo da amsoshinsa wuri ɗaya, kamar zaren hira. Muddin amsa ce kuma take bai canza ba, a cikin tsohon zaren za ta faɗa. Zaren yana rabuwa ne idan an canza take, ko idan saƙonni sun haura 100. Saboda haka manaja zai ga tsohuwar magana ta taso sama da ɗan adadi a gefen suna, ya ɗauka wani ne ya ƙara cewa "amin". Ko da ya buɗe ya amince, wata uku nan gaba da akanta zai nemi shaidar fitar da kayan, babu wanda zai yi tunanin dubawa a ƙarƙashin barka da Sallah.

A kwamfuta, in ana rubuta amsa, akwai zaɓin `Edit subject` da ke ba da damar canza take. A waya hanya mafi sauƙi ita ce a danna `Compose` a fara sabo. Ma'aunin mai sauƙi ne: in maganar ɗaya ce, a ci gaba a zarenta, domin manaja ya ga tarihin abin a wuri guda. In sabuwa ce, a ba ta nata taken. Wannan ne kuma ya sa ba a cusa buƙata biyu a saƙo ɗaya. Wanda ya haɗa neman fitila da neman hutun kwana uku, take ɗaya kawai zai iya rubutawa, kuma galibi amsa ɗaya zai samu.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne taken da waya ke rubuta wa mutum da kanta. In aka tura takarda daga WhatsApp zuwa Gmail ta hanyar `Share`, sau da yawa gurbin take yana cika da wani abu kamar `Document from` sai suna. Wasu manhajojin kuma sunan fayil suke sakawa, ko su bar wurin fayau. Mai sauri ba ya lura. Kafin a danna aikawa, a goge wannan a rubuta na gaskiya.

Taken yana da rayuwa bayan an buɗe shi

Manaja ba shi kaɗai ke aiki da saƙon ba. Da ya amince, zai tura wa mai kula da sito, shi kuma wataƙila ya tura wa akanta. Turawa tana ƙara `Fwd: ` a gaba, haruffa biyar ke nan har da sarari, amsa kuma tana ƙara `Re: `, haruffa huɗu. Take mai nauyi a gaba yana jure wannan. Mai sito da ya ga `Fwd: A amince kafin 14 Jan: fitila...` ya san abin da zai fara ƙirgawa. Wanda ya ga `Fwd: Assalamu alaikum ranka ya...` sai manaja ya sake yi masa bayani, kuma aikin da ke buƙatar ƙarin bayani shi ake ɗagawa zuwa anjima.

Sannan akwai bincike. A akwatin neman Gmail ana iya taƙaita nema ga take kaɗai:

```
subject:fitila subject:Shinkafi
```

Wannan zai fito da duk saƙon da takensa ke ɗauke da kalmomin biyu, har wanda allo ya datse wa ƙarshe, domin datsewar a ido ce kawai, cikakken taken yana nan a ajiye. Shi ya sa sunan gari ko lambar rasit ke da amfani ko da a wutsiyar take aka sa su. Sharaɗin shi ne a riƙe kalma ɗaya. In yau an rubuta `fitila`, gobe `lamp`, jibi `tocila`, bincike ɗaya ba zai tattaro su ba.

Mai karatu zai lura cewa misalan take da ke sama babu haruffa masu ƙugiya a cikinsu. Imel na zamani yana ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ ba tare da matsala ba. Amma a wajen kwamfuta ƙ da k haruffa biyu ne mabambanta, kuma ba kowane manaja ne ke da masu ƙugiya a madannan wayarsa ba. Kalmar da ake sa ran za a nema da ita nan gaba, gara a rubuta ta yadda mai neman zai buga ta.

Idan manajan bai san mai aikowa ba

Yaron Shinkafi yana da gata ɗaya: an san sunansa. Ɗalibar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda ta gama ND tana neman wurin yin IT na shekara ɗaya a wani kamfani a Gusau ko Kano, ba ta da wannan gata. Layin sama ba zai gaya wa manaja komai ba, don haka dole take ya ɗauki nauyin gabatar da ita. `Application` kaɗai, ko `My CV`, ko `Please help me sir`, duk suna nan birjik a akwatin kowane mai ɗaukar ma'aikata, babu abin da ya bambanta ɗaya da ɗaya. Wannan ya fi:

```
IT placement, ND Computer Science, from Nov
```

Ya faɗi abin da ake nema, da fannin, da lokacin farawa. Manaja zai iya cewa "muna da gurbi" ko "babu" ba tare da ya buɗe takarda ko ɗaya ba, kuma saƙon da amsarsa ke da sauƙi shi ake amsawa.

In kuwa sanarwar aiki ta ce a rubuta wani take takamaimai, misali sunan muƙami ko wata lamba, to a kwafe shi harafi da harafi, kada a ƙawata. Ofisoshi da yawa suna kafa `Filter` da ke duba take, ya kwashe duk saƙon da ke ɗauke da wannan kalma zuwa wani babban fayil da mai tantancewa zai buɗe. Wanda ya canza lafazin, saƙonsa zai iya zama a babban akwati tare da tallace-tallace, ba a ƙi shi ba, ba a kuma gan shi ba.

A nan ne kuma ya kamata a leƙa layin sama. Adireshin da aka buɗe tun ana sakandare, mai suna irin na barkwanci, shi ne zai bayyana a saman taken. Ana canza sunan da ke fita tare da saƙo a saitin Gmail na kwamfuta, a sashen `Send mail as`, ko a gyara sunan asusun Google gaba ɗaya. Hanyar gwaji mafi arha ita ce mutum ya aika wa wani abokinsa saƙon tukuna, ya karɓi wayar abokin ya kalli layukan uku yadda baƙo zai gan su.

In an yi komai daidai amma shiru

Take mai kyau ba ya buɗe akwatin da mai shi ba ya leƙawa. Akwai manajoji da yawa a Gusau da Kaura da rayuwarsu duk a WhatsApp take, imel kuwa sai akanta ya matsa. Ga irin waɗannan, imel shaida ce, sanarwa kuma ta wata hanya ake yin ta. Gajeren saƙon waya ya wadatar: "Ranka ya daɗe, na turo imel mai take A amince kafin 14 Jan." Ko a nan taken ne ya ba shi abin da zai nema.

Asusun Gmail na kyauta ba ya nuna ko an karanta saƙo, ba kamar shuɗin layi biyu na WhatsApp ba. Don haka in an ji shiru, sai a bi abin da ake iya gani. Da farko a duba ko saƙon yana `Sent` ko har yanzu yana `Outbox`. Sannan a duba ko wani saƙo ya dawo daga `Mail Delivery Subsystem`, wanda ke nuna adireshin ba daidai ba ne ko akwatin mai karɓa ya ƙi karɓa. In duka biyun lafiya, kuma wannan ne karon farko da aka rubuta wa mutumin, a roƙe shi ya leƙa `Spam`. Ba take kaɗai ke jefa saƙo can ba, injin yana duba tarihin mai aikawa da mahaɗan da ke cikin saƙo da wasu abubuwa, saboda haka sauya kalma ɗaya a take ba lallai ya fitar da shi ba.

In saƙon ya isa kuma rana tana matsowa, tuni a cikin zaren farko ake yin sa, da layi ɗaya, domin duk bayanin yana ƙasa. Amma in ranar da ke take ta riga ta wuce, kada a ci gaba da tura `Re: A amince kafin 14 Jan`. Manaja zai ga tsohuwar rana ya ɗauka magana ta mutu. Sai yaron Shinkafi ya buɗe sabon saƙo, ya sake ƙirga abin da ya rage a kanta, ya lissafa Talata mai zuwa:

```
A amince kafin 21 Jan: fitila 46, Shinkafi
```